Ajiye gyaɗa don jiran tsada: amsa ga wani ɗan kasuwa a Kilomita Biyar

Tambaya: Malam, ina da shago a kasuwar Kilomita Biyar a Bangi. Ina son in sayi buhu 40 na gyaɗa yanzu da ta shigo, kowane buhu sefa 30,000, in ajiye wata biyar, ina sa ran ta kai 38,000. Wasu sun ce ɓoyon abinci ne, haramun ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, abin da shari'a ta hana shi ne ihtikari, kuma Muslim ya ruwaito hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi da ya sanya mai yinsa cikin masu saɓo. A mazhabar Malik cutarwa ce ma'auni, kamar yadda ya zo a Mudawwana: wanda ya kwashe kaya daga kasuwa har mutanen gari suka ƙuntata, a hana shi, ko abinci ne ko ba abinci ba. Wanda ya saya lokacin da kaya suka yi yawa, sayensa bai motsa farashi ba, babu laifi a kansa. Manomin da ya ajiye amfanin gonarsa da fataken da suka kawo kaya daga nesa sun ma fi samun sauƙi. Buhu 40 a lokacin kaka ba zai girgiza kasuwarku ba, don haka ajiyarka halas ce.

Sai dai halaccin yana tafiya da halin gari. Kun ga abin da ya faru daga Disamba 2020 zuwa farkon 2021, da 'yan tawaye suka datse hanyar Garuwa-Bulai, manyan motoci suka yi cirko-cirko a iyakar Kamaru, kaya suka yi tsada a Bangi. A irin wannan rana, duk mai abinci a sito fiye da bukatar iyalinsa wajibi ne ya fito da shi ya sayar a farashin kasuwa, ko da da arha ya saya, ko da shi ya noma. In ya ƙi, hukuma tana da ikon tilasta masa.

Yanzu mu zo kan lissafi, don ɓarnatar da dukiya shi ma abin hani ne. Bangi ba Maraɗi ba ce. Ruwa yana kaiwa har wajen Nuwamba, iska da laima, kuma gyaɗar da aka ɓare ba ta jure haka kamar mai kwanso. Ka tura hannu tsakiyar buhu: in ka ji ɗumi, ko warin ruma ya buge ka, ko ka ga gari-gari a gindin buhun, ɓarna ta fara. Ƙwayar da ta bushe tana karyewa ƙas a haƙori, mai danshi kuwa lanƙwasa take yi. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi kan katako.

Uwar kuɗinka 1,200,000 ce. Mu ƙaddara hayar sito 15,000 a wata, ya zama 75,000. Mai gadi da 'yan dako da sauya buhuna 45,000. Mu ce ramewar nauyi da ɓera da ƙwari sun ci buhu uku. Saura 37, a kan 38,000 sun ba da 1,406,000. Ka cire uwar kuɗi da 120,000 na ɗawainiya, ribarka 86,000 ke nan bayan wata biyar. Da kuwa juya kuɗin kake yi, kana sayar da buhu 40 duk wata da ribar 1,000 a kowanne, da ka tara 200,000. Ajiyar ba za ta kamo wannan ba sai buhu ya haura 41,000. Masu ajiya da yawa tazarar 8,000 ɗin nan kawai suke hange, su manta da kuɗin da ya kwanta.

In dukiyarka ce, kana da damar ɗaukar wannan kasada. In ta marayu ce, bai halatta ka kulle ta a sito kan zato ba, haka nan jarin wani in mai shi bai yarje maka ba. In kuma akwai bashin da lokacinsa ya yi, ka sayar ka biya, domin jinkirin mai hali zalunci ne.

Ranar sayarwa, haramun ne ka cuɗa wadda ta yi ruma da mai kyau, ko ka sa mai kyau a bakin buhu. Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya kira abin algus. Gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta, suya ba ta kashe ta, saboda haka kada ka sayar wa masu ƙuli-ƙuli ko da a rabin kuɗi.

Batun zakka: a wurin Malikawa, mai jiran kasuwa yana fitar da ɗaya cikin arba'in na shekara guda ranar da ya sayar, in shekara ta zagayo kan uwar kuɗin kuma sun kai nisabi. Amma in jarin shagonka da kake juyawa kullum ya fi wannan ajiyar yawa, to ka yi mata kima tare da sauran kayanka a watan zakkarka.

Allah ne mafi sani.