Bashin salula da cacar ƙwallo: a karanta sharaɗi kafin a danna

  

Ya ku ƴan'uwa musulmi, kwanakin baya wani saurayi mai sayar da kayan gyaran babur ya tsaya bayan sallar isha'i, ya miƙo mini salularsa, ya ce: "Malam, a duba mini, su sun ce babu ruwa a ciki." Ya yarda in ba da labarinsa ba tare da sunansa ba.

Ya nemi rancen jika 20 daga wata manhaja da ya gani a talla. Abin da ya shigo masa jika 17 ne, domin an cire jika 3 tun daga tushe, an rubuta gabansu "frais de dossier", wato kuɗin buɗe takarda. An ce ya maido jika 22 bayan kwana 7, an kira jika 2 ɗin na sama ladan aiki. To mu yi lissafi. Ya karɓi 17, zai biya 22. Ƙarin jika 5 ne a mako guda, kusan kashi 30 cikin 100. In aka bi da shi haka har shekara, ya haura kashi 1.500 cikin 100. Ku gwada da wannan: a shekarar 2014 ƙasashenmu masu kuɗin sefa sun tsaida iyakar ruwa a kashi 15 ga bankuna, da kashi 24 ga asusan ƙananan rance, a shekara cikakkiya. Ban kawo wannan don in halatta na banki ba, ruwa kaɗan da mai yawa duk haramun ne. Na kawo shi don ku ga cewa ko dokar da ta yarda da ruwa ba ta yarda da wannan ba.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin rance ya bar kallon adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ya tambayi nawa ne zai shigo hannunsa, nawa ne zai fita daga hannunsa, kuma a wace rana. Abin da ke tsakanin adadi biyun shi ne farashin bashin, ko da wane suna aka laƙaba masa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka. Wanda ya ɓoye maka jimillar sai bayan ka danna yarda, ya riga ya saɓa wa manufar wannan aya.

Wani zai ce: ai malamai sun yarda da ladan aiki. Haka ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yarda mai ba da rance ya karɓi ainihin abin da ya kashe wajen hidimar rancen, ta ce abin da ya wuce nan kuɗin ruwa ne. Gane bambancin ba shi da wuya. Aikin da na'ura ke yi don tura jika 20 shi ne take yi don tura jika 100. In ladan yana hawa idan rancen ya hau, yana ƙaruwa idan kwanaki suka ƙaru, to ba aiki ake biya ba, jinkiri ake sayarwa.

Da kwana 7 suka cika, ɗan'uwanmu ba shi da jika 22. Sai saƙo ya zo da lafazi mai taushi: ya biya jika 4, a ƙara masa mako. Ya yi haka sau 4. Jika 16 sun fita, bashin kuwa yana nan jika 22, ko dala ba ta ragu ba. Wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya da malaman tafsiri suka siffanta a ƙarƙashin aya ta 130 ta suratu Ali Imrana: idan ajali ya yi, ko ka biya, ko a ƙara maka lokaci a ƙara maka nauyi. Alhali aya ta 280 ta Baƙara umurni ta yi a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kyauta. A cikin makonnin nan kuma kullum sai an turo masa albishir cewa an ɗaga masa matsayi, yanzu yana iya cin jika 50. Mai ba da bashi na gaskiya, in ya ga ka gaza da kaɗan, ba ya tura maka mai yawa.

Abin da ya fi tada masa hankali shi ne barazanar aika wa surukinsa saƙo. Ina suka sami lambar? Ranar da ya sa manhajar, ta nemi izinin shiga sunayen mutanensa da hotunansa, ya danna yarda bai karanta ba. Ashe jinginar da ya bayar mutuncinsa ne. A Najeriya abin ya yi tsanani har hukumar kare masu saye ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan rance a Legas a 2022, kuma a 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa neman sunaye da hotuna. Don haka manhajar da ta nemi waɗannan, balle wadda aka turo maka ta WhatsApp, a fita daga gare ta tun a ƙofa.

Da na tambaye shi ina jika 17 suka tafi, sai ya sunkuyar da kai. Cacar ƙwallo. Hukuncinta a fili yake a aya ta 90 da 91 na suratul Ma'ida, ba ya bukatar tsawaitawa. Amma matasa suna cewa ai ilimin ƙwallo ne, don haka bari mu dubi lissafin. Ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, an rubuta 1,85 gaban kowace. Mutum biyu suka zuba jika ɗai-ɗai, kowa ya zaɓi tasa. Wanda ya ci ya ɗauki sefa 1.850, mai shafin ya riƙe 150, ko wa ya ci. Shi ba ya caca, ku ne kuke yi. Sai kyautar maraba da suke kira "bonus": ka zuba jika 5, a ƙara maka 5. Ka buɗe sharuɗɗan, za ka tarar ba a cire ta sai an juya ta sau da yawa cikin ƴan kwanaki, a kan wasanni haɗe waɗanda in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. In sau 5 ne, sai ka yi cacar jika 25 kafin ka taɓa jika 5. Zubawa cikin ƙiftawar ido ake yi, cirewa kuwa sai an nemi katin shaida da jira.

Na ce wa saurayin ya tuba, ya daina biyan kuɗin ƙarin mako, ya daina cin sabon bashi don toshe tsoho. Asalin abin da ya karɓa hakki ne a kansa, kamar yadda aya ta 279 ta Baƙara ta nuna, kuma in aka lissafa abin da ya riga ya biya, saura jika guda ya cike shi. Na ce ya adana hoton kowane saƙo da shaidar kowane biya, ya kai ƙara wurin ƴan sanda idan barazanar ta ci gaba, kuma ya je da ƙafarsa ya gaya wa mahaifinsa da surukinsa kafin wani ya riga shi. Wannan na ƙarshen ne ya fi masa nauyi, don haka washegari bayan la'asar muka tafi tare.