Fatawa kan ɗaukar ma'aikaci da awannin shekara

Tambaya: Ina da gona da lambu a wani kwari kusa da Gure, da ma'aikata huɗu da nake biya albashin wata. Da damina da kaka aiki yana fin ƙarfinmu, da bazara kuwa wuni ake ana zaman inuwa. An ba ni shawarar mu rubuta yarjejeniya a kan awa 2,400 a shekara, su yi da yawa lokacin aiki, su yi kaɗan lokacin da babu, albashi kuma bai canzawa, sefa 60,000 kowane wata. Shin ya halatta? In ɗaya ya bar aiki shekara ba ta cika ba, wa ke bin wani?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, Alhaji, wannan yarjejeniya ta halatta, da sharuɗɗan da zan faɗa maka.

Abin da kake shirin ƙullawa ijara ce, kuma ma'aikatanka su ne waɗanda malaman fiƙihu ke kira ajiri na musamman, wato wanda ka sayi lokacinsa, saɓanin tela ko maƙeri da ke karɓar aikin kowa. Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya rataya halaccin ijara ga sanin wa'adi da sanin lada. A nan wa'adi shekara ne, yawan aiki awa 2,400 ne, lada kuma sefa 720,000, wanda in aka raba ya kama sefa 300 kowace awa. Doguwar ijara ba baƙuwa ba ce, domin Suratul Ƙasas ta ba da labarin Annabi Musa da aka ɗauka aiki na shekara takwas. Adadin da aka ba ka ma ba daga iska aka tsinto shi ba. Dokar aiki ta Nijar ta 25 ga Satumba 2012 ta sa awa 40 a mako ga sauran ma'aikata, ga aikin noma kuwa ta gina lissafi a kan awa 2,400 a shekara, don ta san noma bai bin mako. Faransa ma tana da irin wannan tsari, a kan awa 1,607.

Inda rashin tabbas ke shigowa shi ne rabon awannin. In ka ce wa mutum yana da awa 2,400 a wuyansa, za ka kira shi duk sadda ka ga dama, to ka ɗaure shi shekara guda bai san ranar da zai je tasa gonar ko kasuwa ba, kuma wannan garari ne da ke ɓata ciniki. Maganinsa ku rubuta tsarin shekara tun ranar ƙulla magana. Ga misali da ya dace da ƙasarku: Yuli zuwa Oktoba, shuka da noma da girbin gero, awa 240 kowane wata, jimla 960. Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin lambu da ban-ruwa, awa 210 kowane wata, jimla 840. Maris zuwa Yuni awa 150 kowane wata, jimla 600. Duka sun tashi 2,400. Ku rubuta iyakar awannin wuni guda, da ranar hutun mako, da yawan kwanakin da za ka sanar kafin ka canza tsari, misali mako ɗaya. Ku kuma faɗi wace shekara kuke nufi, domin ta Musulunci tana gaza ta bature da kwana 11 ko kusa da haka. Tunda damina shekarar rana take bi, ita ta fi dacewa da ku, sai dai ku duba inda azumi zai faɗo ku sassauta awannin watan. Lokacin sallar farilla da ta Juma'a ba a zare shi daga hakkin ma'aikaci, al'ada ta riga ta cire shi daga abin da ka saya.

Sai lissafi, wanda a nan ne mutane nagari ke cin hakkin juna ba su sani ba. Kowane ma'aikaci ya kasance da shafinsa a kaye. Kullum a rubuta lokacin da ya kama aiki da lokacin da ya tashi. Ƙarshen wata a fitar da lambobi uku: awannin da aka tsara, awannin da ya yi, da awannin da aka biya shi. Na ukun nan ba ya motsi, awa 200 ne kowane wata, tunda 60,000 a kan 300 shi ne 200. Daga lambobin nan uku ake samun ragowa iri biyu, kuma kada ka yarda su cakuɗe. Bambancin abin da ya yi da abin da aka tsara yana gaya maka ko shekara na tafiya daidai. Bambancin abin da ya yi da abin da aka biya shi kuwa shi ke gaya maka wa ke bin wani in aka rabu yau.

Bari mu ɗauki ɗaya daga cikin yaranka. A Yuli ya yi awa 245, a Agusta 250, a Satumba 230, a Oktoba 255. Jimla 980. Tsari ya ce 960, saboda haka ya wuce tsari da awa 20 kacal. Amma albashin wata huɗu awa 800 ya biya. In ya zo ƙarshen Oktoba ya ce zai tafi, kai kuma ka duba ragowar farko ka miƙa masa sefa 6,000, ka zalunce shi. Abin da yake bin ka awa 180 ne, sefa 54,000, domin hutun bazarar da zai rama wahalar damina da shi bai riske shi ba. Wannan kuɗi bashi ne a kanka tun ranar rabuwa, ba kyauta ba ce, kuma jinkirta shi alhali kana da hali zalunci ne. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya lissafa wanda ya ci cikakken aikin ɗan ƙwadago ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama.

Akasin haka ma yana faruwa. Wanda ya shiga a Maris ya fita ƙarshen Yuni ya yi awa 600, an biya shi 800, sai ya zama akwai awa 200 a kansa, sefa 60,000. In shi ya tafi don ra'ayin kansa, kuma an rubuta wannan sharaɗi tun farko an karanta masa ya fahimta, kana da hakkin neman rarar, a hankali, gwargwadon ƙarfinsa, in kuma ka yafe ya fi maka. In kai ka sallame shi ba da laifinsa ba, ba ka bin sa komai, domin a shirye yake ya cika awannin, kai ka rufe ƙofa. Saboda wannan ne nake ba ka shawarar ku fara shekararku a Yuli. Gara bashin ya zauna a wuyan mai hali da ya zauna a wuyan talaka.

Ba kowane giɓi ake ɗora wa ma'aikaci ba, don haka ka buɗe gurbi a shafin na rubuta dalili. Ajiri na musamman yana cancantar ladansa da zarar ya miƙa kansa, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba. In ya zo da sassafe ya tarar injin ban-ruwa ya lalace, ko mai ya ƙare, ya zauna jira har azahar, awannin nan an yi su, a rubuta masa. In ruwan sama ya yi jinkiri ka sanar da su a kan lokaci cewa makon nan babu shuka, kana iya matsar da awannin zuwa gaba cikin shekarar. Ranakun salla da hutun shekara da doka ta ba shi da albashi a rubuta su kamar ya yi aikinsu. Abin da ake bin sa shi ne fashin da ya yi ba uzuri. In shekara ta ƙare da giɓi wanda rashin aiki daga wajenka ya jawo, giɓin ya faɗi, ba a tsallaka da shi sabuwar shekara.

Ranar cikar shekara a rufe lissafi. In ya haura 2,400 ka biya shi rarar da kuɗi, tare da ƙarin da doka ta tanada wa awannin da suka wuce ƙa'ida, kuma ofishin sufeton aiki a Damagaram zai faɗa maka adadinsa. Wannan ƙari ba riba ba ne, farashin aiki ne da aka sani tun kafin a yi shi. Ribar da aka haramta tana shigowa ne in ka ce masa ana bin ka awa 20, na ɗaga maka zuwa baɗi amma sun zama 25, domin ƙari ne a kan bashi saboda jinkiri. In kuwa giɓin nasa ne aka mai da shi kuɗi, sannan ya ce zai biya da aiki, malamanmu na Malikiyya sun saɓa. Ibnul Ƙasim ya hana a musanya bashi da aikin da za a karɓa sannu a hankali, yana ganin bashi ne aka mayar wani bashi. Ashhab ya halatta, yana ganin kama aikin kamar karɓar dukansa ne. Ina ba ka fatawa da maganar Ashhab saboda sauƙinta ga wanda ba shi da kuɗi a hannu, muddin ya fara nan take kuma a kan sefa 300 ɗin nan, ba ƙasa ba.

Rubutun kansa, ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da shi, ta kuma ɗora shiftar a kan wanda ake bi. Saboda haka kaye biyu za a yi, ɗaya wurinka ɗaya wurinsa, a gwada su duk ƙarshen wata, ku sa hannu ko dangwale. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami ko ya zo da wanda ya amince da shi. Ka lura da mintoci: awa bakwai da rabi 7.5 ne in za a tara, ba 7.30 ba, kuma wanda ya rubuta 7.30 ya zare wa ma'aikaci minti 12 a wannan wuni kaɗai. Alamar da za ta nuna maka lissafi ya karkace ita ce ka tara watanni ka ga jimlar ba ta yi daidai da jimlar ranaku ba, ko ka ga wata guda cur kowace rana adadinta ɗaya, wanda ke nuna a zaune aka cike shafin daga baya. In kayen biyu suka saɓa kuma babu shaida, ku koma ga awannin da aka tsara wa wannan rana, wanda ke da'awar ƙari ko ragi shi zai kawo hujja.

Allah ne mafi sani.