Ƙwaurin Ibn Mas'ud da ƙwayar sha-ka-fashe



Wani dare bayan sallar Isha'i a nan Batagarawa, wani matashi ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, tambaya ce wani abokina ya aiko ni da ita." Ina kallon fuskarsa na san babu wani aboki. Kumatu sun cika sun yi tsam, ciki ya fito, amma damatsan suna nan sirara.

Ashe wata huɗu ke nan yana shan deksametason, wadda ake kira deksa, ɗaya daga cikin ƙwayoyin sha-ka-fashe. A kemis yake saye, ba takardar likita. Dalili? A majalisarsu sunansa "Tsinke". Ya yi ta ɗaga ƙarfen nan na gwangwani da siminti, ya duba waya ya ga masu ƙirar zaki, ya duba madubi ya ga kansa.

To ku ji. Deksa maganin kumburi ne da tsananin asma, ba ta gina tsoka. Yunwa take buɗewa, ta tara kitse a fuska da ciki, naman cinya da damtse kuwa zaizaye shi take yi. Tana ɗaga suga da hawan jini, ta raunana ƙashi. Kuma wanda ya daɗe a kanta ba ya yankewa rana ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin, yana iya faɗuwa. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Shi ya sa ban ce masa "ka bari yau" ba, na ce gobe ka tafi asibiti da kwalin a hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne wata huɗun nan na shiru. Namiji zai gaya maka ba shi da kuɗi, amma ba zai ce jikinsa na ba shi kunya ba, don ya san amsar: "Kai mace ce?" Mu muka koya musu. Ni kaina na sha yin dariyar irin wannan tsokana, Allah Ya yafe mana.

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska tana kaɗa shi, sahabbai suka yi dariyar sirancin ƙwaurinsa. Manzon Allah (SAW) bai bar abin ya wuce a matsayin wasa ba. Ya tambaye su me ya ba su dariya, sannan ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Ku lura fa, masu dariyar aka yi wa magana, ba mai ƙwaurin ba.

Motsa jiki halal ne, ƙarfi ma abin so ne ga mumini, ban hana kowa ɗaga ƙarfe ba. Yaron dai ya fara ganin likita. Majalisar tasu ce ban samu na je ba tukuna, amma Juma'ar nan in sha Allahu zan biya.

Wassalam.