Jama'a, Mu Raba Lissafin Husufi da Zancen Masu Duba

Duk wanda yake Gusau ko Katsina ko Maraɗi da hantsin Laraba, 29 ga Maris, 2006, ba sai an ba shi labari ba. Wajen ƙarfe 10 da rabi hasken rana ya fara dusashewa, iska ta yi sanyi, can sai duhu ya rufe gari kamar almuru ta yi. Kaji suka nufi akurki, yara suka fashe da kuka, masallatai suka cika. Ba a cika minti 4 ba gefen rana ya sake ɓullowa. Kafin la'asar fassara ta cika kasuwa: wani ya ce babban sarki zai faɗi, wani ya ce yunwa na tafe, wani ya ce malaminsa ya faɗa masa tun bara, don haka malamin nan yana ganin abin da ke ɓoye.

Wannan na ƙarshen shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yan'uwa, mai duba da ya gaya muku ranar husufi bai yi ƙarya ba, kuma bai yi wani abin al'ajabi ba. Ranar tana rubuce shekaru da dama kafin ta zo, kowa na iya karantawa. Inda yake cin kuɗinku shi ne abin da yake ɗorawa a kan ranar. Gaskiyar lissafi yake sa wa a gaba don ku haɗiye ƙaryar da ke biye da ita.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskawa da shi, kuma yana kewaya duniya. Idan ya gitta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a kanmu, shi ne husufin rana. Idan duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta rufe wata, shi ne husufin wata, wanda kakanninmu ke cewa wata ya yi zazzaɓi ko rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwani wai a sake shi. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin husufin rana ba sai a ƙarshen watan Musulunci, kwana 28 ko 29, lokacin da wata ya ɓuya. Na wata kuwa sai ya cika, daren 14 ko 15. Husufin 2006 a ƙarshen Safar ya auku. Wanda ya ce maka rana za ta yi husufi ranar 10 ga wata, ka san bai san inda aka dosa ba. Jan da wata ke yi ma ba jini ba ne, ba kuma fushi ba. Hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke lulluɓe da duniya ya lanƙwasa ya isa gare shi, irin jan da muke gani kullum a faɗuwar rana.

To, me ya hana a yi husufi kowane wata? Ka ɗauki faifai biyu, ka ajiye ɗaya a kwance, ka soka ɗayan a cikinsa a ɗan karkace. Bakinsu ba zai haɗu ba sai a wuri biyu. Haka hanyar wata take da hanyar da muke ganin rana na bi a sama: ta karkace da kimanin digiri 5. Yawancin watanni wata yakan wuce ta sama ko ta ƙasa da rana, inuwar ta tafi sarari ba ta taɓa kowa ba. Sai rana ta zo kusa da ɗaya daga mahaɗun nan biyu ake samun husufi, kuma hakan na faruwa kusan kowane kwana 173, wato wata shida ba kaɗan. Saboda haka babu shekarar da ba a yin husufi a wani yanki na duniya. Mafi ƙaranci 4 a shekara, idan an haɗa na rana da na wata, mafi yawa 7. Abin da ke zuwa aƙalla sau 4 kowace shekara, ya za a ce alamar mutuwar wani sarki guda ce?

Mahaɗun nan biyu su ne masu ilmin taurari suka mayar da su dodo. A Indiya ana kiransu Rahu da Ketu, kai da gangar jikin wani aljani da aka fille wa kai, wanda ake cewa yana haɗiye rana da wata. A littattafan taurari na Larabci da Farisanci sun zama kan maciji da wutsiyarsa, ana sa su cikin jerin taurari, ana duba burujin da suka sauka a ce wane zai samu, wane zai rasa. Alhali babu komai a wurin, ko tsakuwa. Wuri ne kawai da hanya biyu suka gitta juna. Masanin Indiya Aryabhata ya bayyana tun shekara ta 499 cewa inuwa ce ke kawo husufi, amma har yau ana sayar wa mutane da Rahu. A Assuriya ta dā abin ya fi haka muni. Idan masu duba suka ce husufi ya nuna sarki, sai a ɗora wani bawan Allah a kan karaga na ɗan lokaci, sarki ya ɓuya, daga baya a kashe na aron don masifar ta tafi da shi. An yi haka a zamanin sarki Esarhaddon, ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka ga dabara: idan sarki ya rayu, aikin mai duba ya ci, idan ya mutu, faɗarsa ta tabbata. Ta ko'ina ba ya faɗuwa.

Ba zan hana su haƙƙinsu ba. Masu duban Babila, saboda tsoron husufi, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta kowanne a kan allunan yumɓu, har suka gano cewa bayan wata 223 husufi mai kama da na baya yana dawowa. Wannan zagaye da ake kira Saros kwana 6,585 ne da kusan awa 8, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11, gwargwadon yawan shekaru masu 29 ga Fabrairu da suka faɗo a tsakani. Lissafin ya rayu don ana iya gwada shi. Fassarar kuwa ba ta taɓa tsallake gwaji ba.

Mu gwada da namu na 2006. Ɗora shekara 18 a kan 29 ga Maris, 2006, ka sami 29 ga Maris, 2024. A tsakani an yi 29 ga Fabrairu sau 5, don haka kwana 10 za ka ƙara, ka sauka a 8 ga Afrilu, 2024. Saura awa 8 ɗin nan. A cikin awa 8 duniya na juya kashi ɗaya cikin uku na zagayenta, don haka inuwar ba za ta same mu ba, za ta faɗa can yamma da mu da nisa. Haka kuwa aka yi. Ranar 8 ga Afrilu, 2024, 29 ga Ramadan a lissafinmu, duhu ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, mu nan muna shirin sallah ba mu ga komai ba. Ka sake ɗorawa, har da awa 8 ɗin, ka sami 20 ga Afrilu, 2042, a Indonesiya da Filifin. Ɗan firamare da ya iya tarawa zai yi wannan. Masana falaki na yau sun wuce nan, suna faɗin minti da daƙiƙa da garin da inuwar za ta bi, kuma idan sun yi kuskure duniya duka za ta gani a ranar. Tambayi mai duba ya faɗa maka sunan wanda zai mutu da ranar, a rubuce, kafin husufin. Zai ce maka “wani babba”, “nan gaba kaɗan”. Wace shekara ce wani babba bai mutu ba?

Mu Musulmi ma an riga an yanke mana wannan magana. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina rana ta yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Uban da ke cikin juyayi da kansa ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Idan rana ba ta yi husufi don ɗan Annabi ba, don wane gwamna za ta yi?

Akwai kuma masu karkata ɗaya gefen, su ce faɗin ranar husufi da'awar sanin gaibu ce. Wannan ma kuskure ne, kuma Ibn Taimiyya ya bambance su tun tuni: sanin lokacin husufi ta hanyar lissafi kamar sanin cewa wata zai cika a daren 14 ne. Sanin lokacin ba ya rage wa ayar girma. Muna da jadawalin faɗuwar rana na shekara guda manne a bangon masallaci, bai hana kowa sallar magariba ba.

Abin da jahiltar wannan ke jawowa mun gan shi. Daren 9 ga Janairu, 2001, wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka fita suna ƙona otal-otal da mashaya, wai zunuban masu wurin ne suka kama wata. Husufin nan rabin duniya ya gan shi a lokaci guda, kuma ɗan'uwansa ya dawo a kan ƙa'ida da asubahin 21 ga Janairu, 2019. An ce mu ji tsoron Allah mu duba laifinmu, sai muka ɗauki ashana muka nufi na wani.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ranar Litinin, 2 ga Agusta, 2027, cikakken husufin rana zai bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, ya wuce Luxor sama da minti 6, ya rufe Jidda da Makka da tsakar rana. Mu a ƙasar Hausa wani ɓangare na rana kawai za mu ga ya ɓalle. Na san saƙonnin da za su cika wayoyinku: duhu ya rufe Ka'aba, tashin duniya ya zo, a kawo kuɗin saukar kaza. Limamai, ku sanar da ranar a huɗuba tun da wuri, ku koya wa mutane sallar husufi. Malaman makaranta, ku ɗauki lemo da ƙwallo da tocila ku nuna wa yara inuwa. Iyaye, ku hana yara kallon rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau ne ko ta cikin ruwan kwano, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Ku riƙe rariya a rana ku dubi ƙasa, za ku ga kowane rami ya zana ranar da gefenta a ɓalle. Na wata ne ake kallo da ido ba komai. Wanda kuma ya zo muku da fassara, ku tambaye shi abin da ya sani bayan ranar, domin ranar kam ga ta nan na ba ku, kyauta.