Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Shin Shiru Haƙuri Ne?

Mu masu rubuta manhaja muna da mashaidin da yawancin ma'aikata ba su da shi. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana ajiye sunan duk wanda ya canza wani abu a aiki, kuma umarnin `git blame` yana nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Sai dai wannan mashaidi hannu kawai yake gani, ba ya ganin tunani.

A ce manhajar biyan kuɗi tana cire wa mutane kuɗi sau biyu. Ɗayanmu ya kwana uku yana bincike, har ya gano cewa idan sabis ya yanke, wayar tana sake aika buƙatar, na'urar kamfani kuma ta ɗauke ta a matsayin sabon biya. Ya faɗa wa abokin aikinsa da baki, shi kuma ya rubuta layi biyar. A taron safe sai abokin ya ce, "Na gano matsalar, na gyara." Git zai goyi bayansa, domin sunansa ne a kan layukan.

An tarbiyyantar da mu a kan kawaici, don haka muna ganin yin magana kamar neman yabo ne. To amma haƙuri danne fushi ne, ba sa hannu a kan ƙarya ba. Da abin da shugaba ya ji a taro yake raba aiki da ƙarin girma. Idan matsalar ta dawo, wanda bai fahimce ta ba za a miƙa wa, masu kuɗin kuma su ji a jikinsu. Ashe haƙƙin da muke yafewa ba namu ne kaɗai ba.

Duk da haka, kada mu gaggauta yanke hukunci, mantuwa ba sata ba ce. Alamar da ke bambanta su ita ce harshe: mai wannan hali yakan ce "na yi" ranar nasara, ya ce "mun yi" ranar ɓarna.

Matakin farko shi ne mu rubuta abin da muka gano a shafin aikin kafin mu faɗa wa kowa. Idan tare aka yi, a ƙara layin `Co-authored-by:` a ƙarshen bayanin canjin, GitHub zai nuna sunan kowa. Sannan mu same shi shi kaɗai mu ce, "Malam, binciken jiya nawa ne, gobe ka ambata." In ya maimaita a taro, mu kawo bayani maimakon zargi: "Bari in ƙara yadda na gano ta." Sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa za mu je wurin shugaba, da misalai uku da ranakunsu.

Mizanin kuma yana hawa kanmu. Ƙaramar ma'aikaciyar da tambayarta ta buɗe mana ido tana da kaso a nasararmu, kuma Git bai rubuta sunanta ba. Mu ne za mu faɗe shi.