Ruwa Ga Mai Neman Aiki: Son Kai Ne Ko Adalci?

A kudancin birnin Jidda akwai wata unguwa ta masana'antu zalla, wadda Larabawa ke kira Madina Sina'iyya, wato Madinar Masana'antu. Hukumar MODON da aka kafa a 2001 ita ke kula da ita. Mutane daga ƙasashe da yawa, har da Hausawa mazauna Jidda, sukan je ƙofofin masana'antun neman aiki. Tambayarmu ta yau ita ce: idan an ɗora wa ɗayanmu tarbar wanda ya zo intabiyu, ya halatta ya kwantar masa da hankali, ko kuwa yin haka ha'inci ne ga masu kamfani?

Wasu sukan ce a bar mutum da tsoronsa, domin a nan ake gane jarumi. Amma mu ɗauki misalin wani mai walda da aka kira ƙarfe goma na safe a watan Yuli. Ya sauka daga mota, ya taka cikin zafin Jidda mai gumi, mai gadi ya duba iƙamarsa, wato takardar zama, ya ba shi katin baƙo. Ya iso saura minti ashirin, riga ta jiƙe, maƙogwaro ya bushe, hannu yana rawa. In aka miƙa masa kayan walda a wannan hali, ɗinkin ƙarfen zai fito a karkace, alhali ya shekara goma yana sana'ar. To, abin da aka auna ke nan ƙishirwa da fargaba, ba gwaninta ba. An cuci mai nema, kamfani kuma ya yi asarar ma'aikaci. Saboda haka kwantar masa da hankali gyara sikeli ne kafin awo.

Yaya ake yi? Mai tarba ya tashi tsaye, ya yi sallama, ya kira mutumin da sunansa, ya faɗi nasa sunan da aikinsa. In Bahaushe ne kuma ya girme shi, sai ya ce, "Sannu da zuwa Malam, yaya hanya? Ku zauna nan." Sa'an nan ya ajiye ruwa a gabansa. A lura, ajiyewa aka ce, ba tambaya ba, domin ɗan zango yana da kunya: ka tambaye shi ko yana son ruwa, zai ce ya ƙoshi, ko da harshensa ya bushe. In kuwa watan azumi ne, sai a nuna masa wurin wanke fuska kawai.

Bayan ruwa sai tayin da ya fi shi amfani, wato bayani. Mafi yawan tsoro daga rashin sani yake zuwa. Mai tarba ya ce, "Malam, da sauran lokaci. Mutum biyu za ku gani, za a yi hira kamar minti goma sha biyar, daga nan a shiga gwaji. In kuna so, in duba takardunku ko sun cika, wanda babu kwafinsa in buga muku." Ya kuma gaya masa ko da Larabci za a yi ko da Turanci. Alamar an dace ita ce mutum ya jingina da kujera, ya soma yin tambaya da kansa. In kuwa yana ta amsa "to, to" yana kallon ƙofa, surutu ya yi yawa, sai a ba shi minti biyar shi kaɗai.

Amma alheri yana da iyaka, kuma nan ne wasu ke zamewa. Na farko, kada a tsegunta masa tambayoyin da za a yi, domin wannan cin amana ne. Na biyu, kada a ce masa "aiki naka ne," tunda ba mai tarba ke yanke hukunci ba. Ga baƙo a Saudiyya zamansa yana rataye da aikinsa, alkawarin banza kan iya sa ya saki wata dama ta gaske. Na uku, abin da aka yi wa ɗan Nima ko ɗan Kumasi, shi za a yi wa ɗan Bangaladash da ɗan Yaman. Ma'auni mai sauƙi shi ne: duk abin da za ka iya yi a gaban manaja da sauran masu jira, adalci ne, wanda sai ka yi raɗa, son kai ne.

Allah Ya buɗa wa masu nema, Ya sa mu riƙe amana. Wassalam.