Idan Mai Saye Ya Kushe Hajarka a Bainar Jama'a

Jama'a, da can idan mai saye bai ji daɗin kaya ba, shago yake dawowa a yi ta ta ƙare tsakanin mutum biyu. Yanzu kuwa da yawanmu a nan Agege muna saka haja a Jumia da Jiji da Facebook, inda mai saye zai rubuta ƙorafinsa ya bar shi, duk mai wucewa ya karanta. To, idan aka kushe mu, mene ne adalci a amsarmu?

Mu fara da abin da ya faru a nan Legas. A watan Satumba na 2023 wata mata ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, har aka kai ta Abuja. Sai magana ta bazu, mutane da dama suka yi ta kira a ƙaurace wa kayan kamfanin. Shari'ar ba tamu ba ce. Darasinmu shi ne, masu kallo sun fi duba yadda aka amsa fiye da abin da aka faɗa. Mai ƙorafi mutum ɗaya ne, amma amsarka shaida ce gaban masu saye da ba ka taɓa gani ba.

A ce ɗayanmu ya sayar da shadda, sai mai saye ta rubuta: "Yadi biyar na biya, huɗu da rabi aka kawo, kuma tana zuba. Ɗan damfara ne." Kafin ya ce uffan, ya lura magana uku ce aka dunƙule: awo, da zuba, da zagi. Biyun farko ana iya bincika su. Yadi inci 36 ne, yadi biyar inci 180 ke nan, sai ya roƙe ta ta shimfiɗa tef a kai ta ɗauko hoto. Zuba kuwa, ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a ragowar bandir ɗin. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, maganarta gaskiya ce.

A ce awo ya cika, amma zubar ta tabbata. Amsar adalci ita ce kamar haka: "Hajiya, mun gode. Mun gwada bandir ɗin, lalle yana zuba, kuma mun janye shi. Awo kuwa, hoton da kika aiko ya nuna yadi biyar cif. Ki zaɓa, a canza miki ko a mayar miki da kuɗinki kafin Juma'a." Ya karɓi abin da yake nasa, ya musanta abin da ba nasa ba da hujja, ya faɗi rana. Zagin kuwa bai tanka ba, domin mai karatu zai auna da kansa.

Wani zai ce, ai amsa laifi a fili kashe kasuwa ne. Mu duba da kyau. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa wanda ya san aibin hajarsa wajibi ne ya bayyana, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba. Ashe wanda zai saya gobe shi ma yana da haƙƙin sani. Kuma wanda ya ga ka amsa zubar, shi ne zai yarda da kai a kan awon.

Sai dai akwai iyaka ta kowane ɓangare. Amsa laifin da ba ka yi ba don a zauna lafiya, shi ma ƙarya ne, kuma ka zalunci wanda ya sayar maka da kayan. Tona asirin mai ƙorafi, kamar lambar wayarta ko bashin da ake bin ta, cin amana ne ko da ita ce ba ta da gaskiya. Cewa "sai kin goge rubutun za a biya ki" sayen shiru ne da haƙƙin da dama nata ne. Haka nan sa yaran shago su cika wurin da yabo na bogi. Masu saye sun gane shi: yabo goma rana ɗaya, kalmomi iri ɗaya, babu mai faɗin abin da ya saya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In ƙorafin ƙage ne tsagwaronsa, a faɗi hujja sau ɗaya cikin ladabi, a kai wa masu dandalin rahoto, a yi shiru. In kuma an biya haƙƙi, a koma ƙarƙashin ƙorafin a rubuta ranar da aka biya, domin mai zuwa ya ga inda magana ta kwana.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.